Wasiƙar neman haɗin gwiwa kan koyarwa zuwa ga Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa

Bismillahir Rahmanir Rahim

Unguwar Bilbis, Tawa
Talata, 14 ga Oktoba 2025 (Rabi'us Sani 1447)

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman jami'a baki ɗaya, Allah ya taya ka riƙo, ranka ya daɗe.

Ni ne mai riƙe da makarantar allo da ke zauren gidanmu a Bilbis, wadda na gada daga mahaifina shekara 19 da suka wuce, shi ma daga nasa mahaifin. Yau muna da almajirai 138. Daga cikinsu 52 a nan suke kwana, iyayensu sun kawo su daga ƙauyukan Keita, Buza da Illela, saura kuwa ƴaƴan unguwa ne. Gardawa 7 ke taya ni biya wa yara karatu.

Wani abu ne ya faru bara da ya sa na ɗauki alƙalami. Babban gardina, wanda ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, izu 60 cif, ya je wani ofis neman takardar shaida. Aka miƙa masa takarda da Faransanci, ya juya ta, ya sake juyawa, ƙarshe aka kama yatsansa aka dangwala. Ma'aikacin bai yi da mugun nufi ba, tsarin da ya tarar ke nan. Amma a wajen da ake cika matakin ilimi, an rubuta bai yi karatu ba. Ya dawo yana ba mu labari yana dariya, ni kuwa ranar barci gagara ta ya yi.

Cikin watan nan kuma wata ɗalibarku, ƴar maƙwabcinmu, ta kawo mini wasiƙar kakanta da aka rubuta da ajami, tana neman mai karanta mata. Hausa ce tsantsa, maganar gona da bashin hatsi. Wani yaro ɗan shekara 14 ya karanta mata ita a tsaye. Sai na ga ashe kowannenmu na riƙe da mabuɗin ɗakin ɗan'uwansa, gari ɗaya muke, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba.

Don haka musanya na zo nema, ba sadaka ba. Muna so Tsangayar Nazarin Ilimi ta jami'arku ta riƙa turo mana ɗalibai 4 ko 5 daga cikin masu shirin zama malamai, su koya wa yaranmu karatu da rubutun boko da lissafi. Mun fi son a fara da Hausa, tun da ita ce a bakin yaran, kuma a watan Maris na bana hukuma ta ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Faransanci ya biyo baya in ƙafa ta tsaya. Yawancin yaran nan kasuwa za su shiga, ko su tafi bida Abijan kamar iyayensu, ka san halin Adar. Wanda ya iya karanta rasit da takardar magani, ya iya rubuta lissafin jarinsa, ba a cutarsa da sauƙi. Ɗalibanku kuma za su samu ajin gwaji irin wanda ba su saba gani ba: yara masu kaifin hadda, manya da ƙanana a haɗe, ba benci ba tebur.

Namu gefen, za mu koya wa duk mai so daga ɗalibanku da malamanku karatun ajami da rubutun Magariba irin na Warshu, wanda da shi ake rubuta allo a ƙasar nan. A wannan rubutu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, shi ya sa wanda ya koyi Larabci a littafin Masar kan yi tuntuɓe tun layin farko. Ina jin masana tarbiyya za su so su ga yadda muke fara wa yaro babbaƙu, yana kiran baƙaƙe da sunayensu na Hausa, alu, ambaki, wau, zal, kafin ya shiga farfaru ya haɗa su da wasula. Za su so su ga harji ma, wato yadda gardawa ke tsare ƙidayar kalmomi masu kama da juna a Alƙur'ani, sau nawa kowace ta zo da kuma inda ta zo. Babu littafin da muke koyon wannan a ciki, daga baki ne zuwa baki, kuma masu shi suna tsufa.

Akwai kuma akwatin kakana. Cikinsa da Ahalari da Ishmawi da Risala na rubutun hannu, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da wasiƙu. Gara ta fara cin gefen wasu. Na san a Yamai cibiyar binciken Jami'ar Abdu Mumuni tana adana dubban irin waɗannan takardu, aikin da marigayi Bubu Hama ya sa wa hannu sosai. Mu ba za mu ba da namu a tafi da su ba, amma mun yarda a ɗauki hotonsu a gabanmu, a bar mana kwafi. Jami'ar da ke ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar ita ta fi cancanta ta fara buɗe akwatin nan.

Sharaɗinmu kaɗan ne, amma gara in faɗe shi tun yanzu. Lokacin allo, wato bayan asuba da bayan la'asar da karatun dare, ba za a taɓa shi ba. Muna hutu daga yammacin Laraba zuwa bayan sallar Juma'a, saboda haka safiyar Alhamis taku ce, awa 3, da hantsin Asabar awa 2. Ƴan mata a ba su malama mace. Kada a ɗauki hoton yaro ana yawo da shi a waya ba da izinin iyayensa ba. Kuma duk abin da aka rubuta a kanmu, a karanta mana shi da Hausa kafin ya fita. Wasu baƙi sun taɓa zuwa da tambayoyi, muka amsa da zuciya ɗaya, daga baya muka ji an kira mu gidan bara. Ba na musun cewa wasu yaranmu na fita neman abinci, abin yana damuna fiye da yadda yake damun mai rubutu, kuma ina son mu tattauna shi ido da ido.

Batun kuɗi ba mai nauyi ba ne. Rumfa da tabarmi muna da su. Iyayen yaran unguwa sun yarda su ƙara dala 10 a kan kuɗin Laraba don alli da littattafan rubutu. Abin da ya rage shi ne kuɗin kabu-kabu na ɗalibanku da baƙin allo guda 2, waɗannan muke roƙo jami'a ta ɗauka.

Shawarata a gwada wata 6 da yara 40, daga farkon Disamba, lokacin da waɗanda suka je taya iyayensu girbin gero duk sun dawo, a dakata a watan azumi. In an gama a zauna, ku jarraba yaranmu, mu ma mu miƙa wa ɗalibanku wasiƙar ajami su karanta. In abin ya yi kyau, sai mu yi maganar takardar shaida ga gardawan da suka sauke suka haddace, ta hanyar da doka ta yarda.

Na sanar da mai unguwa da limamin masallacinmu, duka sun sa albarka. Ɗana Abdullahi, wanda ya kawo wannan takarda, zai dawo ranar Talata mai zuwa ya ji amsa. In da hali, ka turo wakili wata Asabar bayan asuba ya ga karatun da idonsa, ya sha fura, sannan a yanke shawara.

Allah ya ƙara girma. Wassalam.

Naka,
Alaramma Malam Isufu
Shugaban makaranta