Wasiƙar Koke Kan Sabulun Ruwa Da Aka Kawo Mana A Tsarke

Ofishin Ma'ajin Makaranta,
Sashen Kwana na 'Yan Mata,
Funtuwa, Jihar Katsina.
Litinin, 13 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Alhaji,
Shugaban Kamfani Kuma Mai Kula Da Odar Makarantu,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

KOKE KAN JARKA 31 NA SABULUN RUWA DA AKA ƘARA WA RUWA

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku, na rubuto ne bisa umarnin Shugabar Makaranta domin in sanar da ku a rubuce cewa mafi yawan sabulun ruwan da motarku ta sauke mana ranar Alhamis, 25 ga Satumba, 2025, ya sha bamban da wanda muka yi ciniki a kansa, domin an tsarka shi da ruwa har ya kasa yin aikin da aka saye shi dominsa.

Kamar yadda takardar odarmu ta ranar 8 ga Satumba ta nuna, mun nemi jarka 40 masu cin lita 25 kowace, wato lita 1,000, a kan naira 18,000 kowace jarka, jimilla naira 720,000. Mun biya rabin kuɗin, naira 360,000, ta banki a ranar da kuka amince da odar, bisa sharaɗin za a biya ragowar bayan an karɓi kaya an kuma gamsu da su. Kafin wannan, wakilinku ya kawo mana samfur a gora mai lita ɗaya, kwamitin sayayya ya gwada shi a ɗakin girki ya yaba, kuma a kan wannan samfur ne aka zaɓe ku, duk da cewa akwai wani mai kawo kaya da farashinsa ya fi naku sauƙi. Ragowar samfurin yana nan a kulle a ofishina da tambarin kamfaninku a jikinsa.

A ranar da kayan suka iso, mai kula da sito ya ƙirga jarkokin, ya tarar sun cika 40, ya sa hannu a takardar direba. Wannan sa hannu shaida ce ta adadi kawai, domin babu mai tsayar da mota ya buɗe jarka 40 ɗaya bayan ɗaya, musamman idan kaya sun fito daga hannun wanda aka saba da shi aka kuma yarda da shi.

Masu aikin ɗakin girki ne suka fara lura. A ranar Litinin, 29 ga Satumba, shugabar masu dafa abinci ta zo ofishina da kofi biyu, ɗaya da ragowar tsohon sabulun da kuka kawo mana a zangon da ya gabata, ɗaya da sabon. Ta tsoma cokali a tsohon ta ɗaga, sai ya riƙa sauka a hankali yana jan zare. Ta tsoma a sabon, sai ya zube nan take, bai ko kama jikin cokalin ba. Launin ma ya dushe, koren ya koma fari-fari har ana hangen gindin kofin. Ta shaida mini cewa a da gwangwanin madara ɗaya na sabulun yakan ishe su wanke farantan teburi huɗu a baho guda, amma yanzu sai sun zuba uku, kuma duk da haka kumfar tana kwanciya kafin a kai rabin aiki, manja ya tsaya a jikin tukwane, farantai su bushe da santsi da ƙarnin miya. Masu wankin banɗaki da ma'aikaciyar ɗakin shan magani su ma sun kawo irin wannan ƙorafi a cikin makon. Jarka 4 suka ƙare a kwanakin da a ƙa'ida jarka ɗaya da rabi ke isa.

Da na ji haka, na sa aka fito da sauran jarkokin tsakar sito a gaban Mataimakiyar Shugabar Makaranta, muka duba su ɗaya bayan ɗaya. Jarka 9 zoben murfinsu yana nan a haɗe yadda ya fito daga masana'anta, kuma sabulun da ke cikinsu yana da kauri da launi daidai da samfur. Sauran 27, da kuma 4 ɗin da aka riga aka yi amfani da su, wato 31 ke nan, zobensu a yanke yake, an mayar da murfin an ɗaure shi da leda ta ciki. Waɗannan an cika su har wuya, alhali masu hatimin suna da ɗan sarari a sama, kuma a wasunsu ruwan ya rabu biyu, tsararo a sama, ɗan kauri a ƙasa.

Ba mu tsaya ga abin da ido ya gani ba, domin mun san kauri shi kaɗai ba hujja ba ne, tun da ana iya kaurara sabulu mara ƙarfi da gishiri, ana kuma iya samun mai kyau da bai cika kauri ba. Saboda haka a ranar Alhamis, 2 ga Oktoba, malamin kimiyyar haɗa sinadarai ya yi gwaji a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Ya auna giram 100 daga samfurinku, da giram 100 daga jarka mai hatimi, da kuma giram 100 daga kowace cikin jarka 5 da aka zaɓa a cikin masu yankakken zobe, ya ɗora su a wuta mai sauƙi har ruwansu ya ƙone, sannan ya sake auna abin da ya rage. Samfurin ya bar giram 17, mai hatimi ya bar giram 16, su kuwa biyar ɗin sun bar tsakanin giram 6 zuwa 8. Ma'anar wannan ita ce aƙalla rabin abin da ke cikin waɗannan jarkoki ruwa ne da aka ƙara daga baya. Kwafin sakamakon, da sa hannun malamin da na shaidu biyu, yana haɗe da wannan wasiƙa, tare da hotunan murafan.

Washegari na kira ofishinku, ban same ku ba, sai wani ma'aikacinku ya ce mini zafi ne ke narkar da sabulu, mu girgiza jarkokin za su daidaita, ya kuma yi alkawarin za a turo wanda zai duba. Har zuwa yau babu wanda ya zo, babu kuma wanda ya kira. Wannan bayani nasa ba zai karɓu ba. Jarkoki 9 masu hatimi a mota ɗaya suka zo da sauran, a sito ɗaya suka zauna, zafi ɗaya suka sha, kuma ba su tsinke ba. Ban da haka, zafi yana iya rage kauri, amma ba ya ɗebe sinadarin wanki daga cikin rufaffiyar jarka, ba ya kuma yanke zoben murfi.

Alhaji, abin da ya fi damuna ya wuce batun kuɗi. Muna da ɗalibai mata fiye da 600 da ke kwana a nan, suna ci a ɗakin cin abinci ɗaya, suna amfani da banɗakuna ɗaya, kuma muna ƙarshen damina, lokacin da amai da gudawa ke saurin yaɗuwa a inda jama'a suka taru. Iyayensu sun ba mu amanarsu, kuma daga kuɗin makarantar da suka biya da guminsu aka sayi wannan sabulu. Farantin da bai fita ba, yarinya ce za ta ci abinci a cikinsa da safe. Sannan ba mu san irin ruwan da aka zuba ba, ko na famfo ne ko na rijiya ko na 'yan garuwa, kuma ku kun fi ni sanin cewa idan aka tsarka sabulu, maganin da ke hana shi lalacewa ma yakan raunana. Tuni jarka 3 suka fara wari mai tsami. Saboda haka mun janye duka 27 ɗin daga aiki mun kulle su, muka sayi jarka 5 a kasuwar Funtuwa a kan naira 21,000 kowace domin kada wanke-wanke ya tsaya.

Ba na cewa da saninku aka yi wannan. Shekara uku kuna kawo mana kaya ba mu taɓa samun abin zargi ba, kuma kasancewar jarka 9 sun zo lafiya yana nuna cewa a masana'anta an haɗa sabulun yadda ya kamata, ɓarnar ta auku ne tsakanin ɗakin ajiyarku da ƙofar makarantarmu. Gano wanda ya aikata aikinku ne, kuma ina ba ku shawara ku bincika da gaske, domin wanda ya ɗebi sabulun ya cika da ruwa zai maimaita a kayan wasu. Amma mu da kamfaninku muka ƙulla ciniki, don haka a kanku alhakin gyaran yake.

Abin da makaranta take nema shi ne ku turo wakili mai ikon yanke shawara kafin ƙarshen ranar Litinin, 20 ga Oktoba, ya duba jarkokin da idonsa, ya ɗebi abin da yake so ya kai duk ɗakin gwajin da kuka amince da shi, kuma in yana so a maimaita namu gwajin a gabansa, a shirye muke. Bayan haka, ku kwashe jarka 27 ɗin da kuɗin motarku, ku kawo mana jarka 31 masu hatimi, masu ɗauke da lambar rukuni da ranar haɗi da lambar rajistar NAFDAC, kafin ƙarshen ranar Litinin, 27 ga Oktoba. Za a buɗe wasu daga ciki a gwada a gaban direba kafin a sa hannu. Da zarar an gamsu, za mu biya ragowar naira 360,000 a cikin kwanakin aiki uku, bayan an cire naira 15,000, wato ƙarin da muka biya a kasuwa a kan farashinku. Idan kuwa ba za ku iya canza kayan ba, za mu riƙe jarka 9 masu kyau, waɗanda kuɗinsu ya kama naira 162,000, ku mayar mana da naira 198,000 daga abin da muka riga muka biya, tare da wancan ƙarin na naira 15,000.

Har sai an warware wannan magana, an dakatar da biyan ragowar kuɗin, an kuma jingine odar zango na biyu da muka fara tattaunawa. Wajibi ne kuma in sanar da ku cewa idan wa'adin ya wuce ba mu ji daga gare ku ba, zan gabatar da batun gaban Hukumar Gudanarwar Makaranta a zamanta na gaba, kuma tana iya miƙa shi ga NAFDAC, wadda kayan wanki ke ƙarƙashin kulawarta, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya, FCCPC, da aka kafa bisa dokar 2018. Fatanmu shi ne kada a kai ga haka, domin mun fi son a gyara tsakaninmu cikin mutunci, mu ci gaba da hulɗa.

Ina roƙon ku sa hannu a kwafi na biyu na wannan wasiƙa, ku ba ɗan aiken da ya kawo ta, domin ya zama shaidar cewa ta iso gare ku. Ina ofis kowace ranar aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, ban da Juma'a da muke tashi ƙarfe 12.

Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Wassalam.

Naku,
Ma'ajin Makaranta,
A madadin Shugabar Makaranta.

Kwafi zuwa ga Shugabar Makaranta, da Shugaban Kwamitin Sayayya, da Mai Kula da Sito.