Tsakuwa Casa'in

Daren Alhamis aka yi ruwan, irin wanda ake tona ƙasa da hannu a ji laima ta kai gwiwar hannu. Da asubar Juma'a Malam Idi ya saɓi sungumi, yara na biye da shi da ƙoƙon iri, yana sara suna zubawa suna rufewa da diddige. Kafin a kira salla sun gama gonar da ke gabas da gari.

Da dare ya zauna a bakin rumbu ya ƙirga tsakuwa 90 a cikin tsohuwar ƙwarya, ya ajiye wata ƙwaryar a gefe babu komai a ciki. Ya kira autarsa.

"Ladidi, daga gobe kullum in an yi magariba ki ɗauki ɗaya daga nan ki jefa can. Ranar da wannan ta ƙare, ranar za mu girbe geronmu."

Hajara na bakin murhu tana ji. Ita ma tana da nata lissafin. Ta auna abin da ya rage a rumbu, tiya 64, bakin ci kuwa shida ne.

"Malam, tsakuwarka ta fi tiyata yawa."

"Allah na nan," in ji shi. Bai ƙara ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Kwana 4 gero ya tsiro. Aka yi noman firi, aka rage tsiron, kowane rami aka bar uku. Ana cikin kwana na 22 sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu daga gabas, iska ta watsa shi, gobe ma haka. Ganye ya nannaɗe, da rana in ka hango gonar sai ka ce an zuba mata toka. Malam Idi yakan je ya tsuguna a gindin gawo, ba aikin yi, ya dawo. Tsakuwa kuwa ba ta fasa faɗawa ba, ƙas, kowace magariba. Gari ya fita roƙon ruwa a filin idi. Sai a kwana na 34 aka samu, ruwan da ya kwana yana zuba, da safe har kwaɗi na kuka a kududdufi.

Daga nan gero ya miƙe. Aka yi maimai, aka watsa ɗan takin da aka samu bashi. Marka ta kama, gero ya yi ciki, ya fid da kai, bununi ya rufe zangarniya. A gida kuwa tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Hajara ta riƙa cika tukunya da tafasa da rama, tana ɓarɓaɗa ƙuli-ƙuli. A kwana na 62, ranar kasuwar Maigatari, Malam Idi ya ja akuyar gidan ya tafi. Ya dawo da hatsi a bayan keke da igiyar akuyar a aljihu. Ladidi ba ta ci abinci ba a daren.

Da gero ya fara ido, jan baki suka sauka. Yara suka wuni a kan dakalin kara suna kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe.

Wata magariba Ladidi ta rugo da ƙwarya a kife a kanta.

"Baba, ta ƙare! Gobe girbi!"

Malam Idi ya yi shiru. Ɗazu da la'asar ya murje zangarniya ya ciji ƙwaya, bai ji ta yi ƙaras ba, da sauran danshi a cikinta. Ya lissafa da yatsu. Juma'a ya yi shuka, kwana 90 kuwa Alhamis za su cika. Yau Lahadi.

"Zo nan, uwata. Guda nawa kika ƙara?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta.

"Huɗu. Ranar da aka sayar da akuya na sa biyu. Sauran kuma ranakun da Inna ta ce ta ƙoshi, alhali ba ta ci ba."

Hajara ta juya fuska wajen murhu, ta hau gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Malam Idi ya sa hannu a ƙwaryar da ta cika, ya tsamo tsakuwa huɗu ya mayar. Sannan ya ɗauki wuƙa da tocila ya fita. Bai daɗe ba ya dawo da zangarniya shida, manya. Ya gasa su a kan garwashi da kansa, ya murje tumun a faifai, ya hure ƙaiƙayin, ya fara miƙa wa Hajara.

Ranar Alhamis mutane na wucewa kasuwa, shi yana cikin gona shi da yara, an kwantar da kara ana yanke kai. Da yamma dami 31 ke jingine a bakin rumbu, ya ware uku na zakka. Ladidi ta jira har ladan ya kira magariba, sannan ta ɗauki tsakuwar ƙarshe ta jefa.