Saƙo zuwa ga Alhaji kan kayan da suka iso da giɓi

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya kasuwa ya iyali, ya mutanen Singa. Na kira layinka jiya bayan la'asar bai shiga ba, da magariba kuma yaronka ya ɗauka yace kana wajen ɗaurin aure, Allah ya sanya alheri. Shi yasa nace bari in rubuto maka komai a nan, ka karanta a tsanake, in ka samu sarari sai ka duba littafin sito.

Mota ta iso Azare jiya Talata da hantsi, mun gode, direba ma yayi ƙoƙari dan ruwa ya tare su a wajen Kiyawa amma tamfol ɗinsa mai kyau ne ba abin da ya jiƙe. Sai dai lissafin kaya bai fita ba Alhaji. Abin da ke cikin inbois daban, abin da aka sauke daban.

Sukari buhu 40 na ce, 40 aka rubuta, 40 ɗin aka sa min kuɗinsa a kan ₦78,000 kowane buhu. Da aka sauke 34 muka gani. Babu buhu 6 kenan, kuɗinsu ₦468,000. Kuma dan Allah kar ace a hanya suka salwanta, ni da kaina na tsaya aka kwance igiya, ɗaurin Kano ne ba wanda ya taɓa shi, direba na tsaye, shugaban ’yan dako na tsaye, maƙwabcina mai shagon fulawa shima yana wurin. Mun jera buhunan biyar biyar a bakin shago, layi shida cif sai huɗu a gefe. Direban ya cire hula yana ta rantsuwa, yace shi lokacin lodi yana masallaci, webil kawai aka miƙa masa yasa hannu, kuma ni na yarda dashi dan mutumin ya daɗe yana kawo min kaya ko ƙullin gishiri bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Sai man girki, nan ne ma abin yafi ɗaure min kai. Jarka 30 na saya, manya masu lita 25 a kan ₦68,000. In ka ƙirga kawunan jarka 30 ne cif, shi yasa nasan duk wanda ya ƙirga a sito zai rantse maka ya cika. Amma 22 ne manya, guda 8 ƙanana ne masu lita 10, an cusa su a tsakiya can ƙarƙashin katan katan, sai da aka kusa gama sauke kaya muka gansu. Ƙaramar a farashinka na satin nan ₦28,000 ce, kaga tsakaninsu ₦40,000 a kowace jarka, sau 8 ya kama ₦320,000. Wannan kam yaran sito suna buƙatar a zauna dasu, dan jarkar lita 10 da ta 25 ko a duhu hannu zai bambance su, wanda ya ɗaga yasan abin da ya ɗaga.

Taliya katan 150 na ce, duk doguwa. An kawo 120 doguwa, 30 makaroni. Kuɗinsu ɗaya ne na sani, ba maganar ciko a nan, amma makaroni baya tafiya a wajena, wanda na ɗauka tun kafin babbar sallah har yanzu akwai ragowarsa a saman kanta ƙura ta rufe shi. Masu shagunan ƙauye doguwa suke tambaya. Wannan canji kawai nake so.

Sabulu kuma akasin haka aka samu, katan 50 na biya, 60 aka sauke. Akwai katan 10 naka a hannuna, ₦14,500 kowanne, ₦145,000 kenan. Na sa an ware su gefe ba a fasa ko ɗaya ba. Watakila ma odar wani ce ta haɗu da tawa wajen lodi, ka bincika, ƙila akwai wani bawan Allah a Potiskum ko Misau da yake can yana neman sabulunsa, sukarina kuma yana shagonsa.

Duk wannan mun rubuta shi a bayan webil, direba yasa hannu nima nasa, na ɗauki hotonsa da bidiyon kayan a jere, zan turo maka su yanzu a ƙarƙashin saƙon nan.

To ga abin da nake so Alhaji, kuma ɗaya daga cikin biyun nan duk wanda yafi maka sauƙi.

Na farko kuma shi nafi so, a ciko min kayana. Sukari buhu 6, manyan jarka 8, taliya doguwa katan 30, a sako su a motar da zata taso ranar Juma'a, in ta juyo sai in ɗora mata ƙananan jarkoki 8, makaroni 30 da sabulu 10 su dawo maka. Kuɗin mota da na dako zuwa da dawowa gaskiya daga wajenku ya kamata ya fito, tunda ni na riga na biya kuɗin mota na cikakken kaya. Dalilin da yasa nake matsawa kan sukarin, kaga azumi ya ƙarato, akwai mutanen Giade da Yana da suka riga suka ba ni kafin alƙalami, na musu alƙawarin ranar kasuwa, kuma kai ma ka san yadda sukari yake yi in azumi ya matso, farashin yau ba shi ne na jibi ba. In ka mayar min da kuɗin buhu 6 bayan sati biyu ba lallai su sayi buhu 6 ɗin ba.

Na biyu, in kaya sun yanke a sito ko motar Juma'a ta cika, to a rubuto min kiredit not. Zan riƙe ƙananan jarkokin da sabulun in saida. Lissafin shi ne ₦468,000 na sukari a haɗa da ₦320,000 na mai, ₦788,000, a cire ₦145,000 na sabulu, saura ₦643,000. Balas ɗin da kake bina ₦1,200,000 ne, in aka cire wannan zai koma ₦557,000, shi zan turo maka taransifa ƙarshen wata kamar yadda muka yi. Makaroni dai ko a wannan tsarin sai an canza shi.

Kuma dan Allah a rubuce nake so, a takardar shago mai hatimi da sa hannunka ko na akawu, a sa lambar inbois ɗin da kwanan wata, a turo hotonta yau, ainihin takardar direba ya taho da ita. Ba rashin yarda bane wlh, tsakanina dakai ai magana ta isa, amma kuɗin nan ba nawa bane ni kaɗai, akwai hannun jarin yayana a ciki kuma ƙarshen wata muke zama mu rufe littafi, ba zan ce masa Alhaji yace a baki ba. Sannan akawunka in bai ga takarda ba, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyun zai ci gaba da gani a kwamfuta, wata rana a zo ana jayayya.

Balas ɗin zan ɗan dakata dashi har inji daga gareka, ba dan komai ba sai dan kar in tura a dawo ana lissafi sau biyu. Ka taimaka ka ban amsa kafin azahar ɗin gobe Alhamis, saboda in ba za a samu cikon ba in san yadda zan yi da mutanen da ke jiran sukari tun da wuri.

A gaida Hajiya da yara. Allah ya ƙara buɗi.

Naka, ƙaninka mai shagon sari na Azare.