Yadda ake gane nauyin farantin ƙarfe da rodi tun ba a ɗora su a sikeli ba

Wannan takarda ta masu kula da sito ce da yaran da ke koyon aiki a sashen yanka da walda. Kayan da muke jira ranar Litinin iri huɗu ne: faranti mai kaurin milimita 6 guda 12, faranti mai kaurin milimita 25 guda 2, sandar ƙarfe mulmulalliya ta milimita 40 guda 20, da rodin milimita 12 guda 50. Motar da za ta ɗauko su tan 5 take ɗauka, abin ɗaga kayanmu kuma tan 1 aka rubuta a jikinsa. Kafin kowa ya ɗaura sarƙa, ina so ku iya fitar da nauyin da kanku. Ku ɗauki kalkuleta ku bi ni.

Ƙa'idar guda ɗaya ce tak:

```
nauyi = girman jiki × dansiti
```

Girman jiki shi ne wurin da ƙarfen ya cike, ana auna shi da kubik mita. Dansiti kuwa nauyin kubik mita ɗaya ne na wannan abu. Kubik mita ɗaya na ruwa kilo 1000 ne. Na baƙin ƙarfen da muke aiki da shi kullum kilo 7850 ne, kusan ninki takwas na ruwa. Wani littafin zai rubuta 7.85, wato giram a kowane kubik santimita. Lamba ɗaya ce, ma'aunin ne ya bambanta. Duk wata gajeriyar hanya da za ku ji a bakin tsofaffin ma'aikata daga wannan ƙa'ida ta fito, kuma wanda ya riƙe ta ko ya manta sauran zai iya sake fitar da su.

Mu fara da faranti, don shi ne mai sauƙi. Tsawo sau faɗi sau kauri, duka a mita. Farantinmu na farko milimita 2440 ne a tsawo, 1220 a faɗi, 6 a kauri. A raba kowanne da 1000:

```
2.44 × 1.22 × 0.006 = 0.01786 m³
0.01786 × 7850 = 140.2 kg
```

Kilo 140 ke nan da ɗan ɗoriya. Siririn faranti ne a ido, amma mutum biyu ba su da dalilin cewa za su ɗauke shi da hannu.

Sifirorin nan na 0.006 su ne ke jefa mutane cikin kuskure, don haka ga hanyar da na fi so. Murabba'in mita ɗaya na baƙin ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya kilo 7.85 ne. To sai ku bar tsawo da faɗi a mita, ku bar kauri a milimita yadda yake:

```
kg = tsawo (m) × faɗi (m) × kauri (mm) × 7.85
```

Da wannan, babban farantin mai mita 3 a kan mita 1.5, kauri 25, zai ba ku 4.5 × 25 × 7.85, wato kilo 883. Ku lura da wannan lamba da kyau. Guda ɗaya abin ɗagawarmu zai ɗauka. Guda biyu a haɗe kilo 1766 ne, kuma ba na so in ga wani ya gwada.

Idan faranti ba mai kusurwa huɗu ba ne, abin da ya canza faɗin fuskar ne kawai. Faifan da aka yanka mai dayamita 600 da kauri 20, fuskarsa 0.7854 × 0.6 × 0.6 ce, wato murabba'in mita 0.2827, sau 20 sau 7.85 ya ba da kilo 44.4. Ramuka kuwa ana cire su ne idan sun kai a cire. Farantin gindin ginshiƙi mai 400 a kan 400, kauri 20, kilo 25.1 ne, ramukan noti huɗu na milimita 22 gaba ɗayansu ba su kai kwata na kilo ba. In don ɗagawa ne ko lodin mota, ku ƙyale su, kuskuren ya faɗa ta gefen aminci. In babban rami ne aka fafe a tsakiya, a lissafa shi kamar faifai a debe.

Sai mulmulallen ƙarfe, inda aka fi yin tuntuɓe. Bakinsa da'ira ne, faɗin fuskar da'ira kuwa shi ne π sau dayamita sau dayamita a raba da huɗu. π a raba da huɗu shi ne 0.7854 ɗin da kuka gani a sama. Sandarmu ta milimita 40, tsawon mita 6:

```
0.7854 × 0.04 × 0.04 = 0.001257 m²
0.001257 × 6 × 7850 = 59.2 kg
```

Da yawanku a makaranta da rabin dayamita aka koya muku, πr². Daidai ne, amma ku zaɓi ɗaya. Wanda ya zuba dayamita cikakkiya a gurbin r zai sami ninki huɗu na amsar, ya ce sandar nan kilo 237 ce. Wanda kuma ya raba dayamita biyu sannan ya sake rabawa da huɗu zai sami kilo 15, kuma wannan kuskuren ya fi haɗari, don shi ne ke sa a ɗora wa sarƙa abin da ya fi ƙarfinta. Tunda abin aunawa dayamita yake ba ku, ku tsaya a kanta.

Lambar nan 162 da kuke ji ana ambata ba daga sama ta faɗo ba. Idan aka ɗauki 0.7854 sau 7850 aka raba da miliyan ɗaya, don mayar da murabba'in milimita zuwa na mita, za a sami 0.006165. Ɗaya a raba da wannan ya ba da 162.2. Shi ke nan:

```
kg/m = d² ÷ 162      (d a mm)
```

Idan aka raba da 162.2 cif, rodin 10 ya zama kilo 0.617 a kowace mita, na 12 kilo 0.888, na 16 kilo 1.58, na 20 kilo 2.47, na 25 kilo 3.85. Ku dubi 10 da 20: kauri ya ninka sau biyu, nauyi ya ninka sau huɗu. Ido ba ya yarda da wannan, shi ya sa ƙiyasin ido a kan rodi kusan kullum ƙasa yake faɗuwa. Rodinmu na 12 mai tsawon mita 12 kilo 10.65 ne, ma'ana wajen guda 94 ne ke cika tan.

Amma 162 da 7.85 na baƙin ƙarfe ne kaɗai. Da zarar abu ya canza, dansiti ya canza. Ƙarfe mara tsatsa samfurin 304 wajen 7930 ne, na 316 ya kusa 8000, bambancin da baƙin ƙarfe bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƙarfen zubi wajen 7200. Alminiyon 2700, jan ƙarfe wajen 8960, dalma 11340. Tagulla tana wajen 8500, tana ɗan hawa da sauka gwargwadon haɗinta. Farantin nan namu na kilo 140, da na alminiyon ne, kilo 48 zai zama. Hanya mafi sauri ita ce ku yi lissafin kamar baƙin ƙarfe ne, sannan ku ninka da dansitin abin a raba da 7850. Kuma idan kaya sun zo da takardar masana'anta mai ɗauke da dansiti, nata za ku bi, ba nawa ba.

Wani wurin da ake zamewa shi ne inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, ƙafa ɗaya 304.8. Farantin da ake ce wa ƙafa takwas a kan huɗu shi ne 2438 a kan 1219, wanda ake cikawa zuwa 2440 da 1220. Nan babu damuwa. Damuwar tana wajen rodi. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 12 ba, kuma saboda ana ninka dayamita da kanta, wannan ɗan 0.7 ya zama bambancin kashi 12 cikin 100 na nauyi. Idan zane ya zo da inci, ku mayar da komai milimita tun a layin farko. Idan amsa ta zo da fam, a ninka da 0.4536 a sami kilo.

Ga mai zuba lissafin a kwamfuta, a sa tsawo da faɗi a mita da kauri a milimita a gidajen A, B da C don faranti. Don rodi a sa dayamita a milimita a A, tsawo a mita a B:

```
=A2*B2*C2*7.85
=PI()/4*A2^2*B2*7850/10^6
```

Yanzu abin da na fi so ku riƙe. Lissafi yana ba ku nauyin ƙarfen da aka rubuta a takarda, sikeli yana ba ku nauyin wanda aka sauke muku, kuma ba dole su zo ɗaya ba. Injin murza ƙarfe ba ya fitar da kauri cif da cif, shi ya sa ƙa'idojin masana'antu suka bar ɗan sarari. Ƙa'idar BS 4449 ta rodin gini, alal misali, ta yarda nauyin kowace mita ya hau ko ya sauka da kashi 4.5 cikin 100 ga rodin da ya wuce milimita 8. Ƙaramin bambanci irin wannan ba abin faɗa ba ne. Amma idan kuka auna farantin da aka ce 6 ne kuka sami 5.7, nauyinsa ya koma kilo 133, an rasa kilo 7 a kowane guda, kilo 84 a guda goma sha biyu. Ku auna kauri da baniya a wurare uku ko huɗu, ku ɗan shiga ciki daga baki, ku kankare tsatsa da ɓawo tukuna. Tef ba ya auna kauri.

Rodi mai zane a jiki ya fi wuya, don tudun zanen na yaudarar baniya. A nan sai a juya lissafin. Ku yanke mita ɗaya daidai, ku ɗora a ƙaramin sikeli, ku ninka nauyin da 162, ku nemi tushen murabba'insa. Idan rodin da aka kira 12 ya ba ku kilo 0.75, to 0.75 × 162 ya zama 121.5, tushensa 11.0. Rodin milimita 11 ne aka kawo muku da sunan 12, ya faɗi ƙasa da abin da ya kamata da fiye da kashi 15 cikin 100. Kada ku sa hannu a takardar karɓa, ku kira ni. Faranti mai ƙyasbi na taka ƙafa shi ma yana da ƙarin nauyi na tudun da ke samansa, don haka a kansa ku duba jadawalin mai ƙera shi.

Mu haɗa kayan Litinin:

```
12 × 140.2  = 1682 kg
 2 × 883.1  = 1766 kg
20 × 59.2   = 1184 kg
50 × 10.65  =  533 kg
jimla       = 5165 kg
```

Mun haura tan 5 da kilo 165, ba a ma sa katakon shimfiɗa da sarƙoƙin ɗauri ba. Don haka rodin 12 ba zai hau wannan mota ba. Dama mita 12 ya fi bayanta tsawo, sai ya biyo doguwar mota ranar Laraba. Abin da ya rage kilo 4632 ne. Wajen saukewa, manyan farantan ɗaya bayan ɗaya. Na milimita 6 kuwa, lissafi ya ce bakwai kilo 981 ne, amma sarƙa da maƙalai su ma suna da nauyi, kuma faranti kan iya fin kaurinsa na takarda, saboda haka shida shida za a ɗaga. Sandunan 40 a ɗaure su goma goma, kilo 592 kowane ɗauri, a rubuta nauyin da alli a jikinsa kafin ya bar mota.