Ƙorafi kan Naira 185,000 da aka cire a asusuna ba a dawo da su ba

Litinin, 24 ga Maris, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan ana shan ruwa lafiya.

Sunana Hadiza, ina da shagon ɗinki a Gwammaja, kuma a wannan reshe naka na buɗe asusun ajiyata, wanda lambarsa ta ƙare da 4416. Na kawo maganar nan gabanka ne saboda na bi ta teburin kula da abokan hulɗa tun farkon watan nan, har yau ba a warware ta ba.

Ranar Talata 4 ga Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, na sayi shadda da atamfa na Naira 185,000 a wani shago a Kantin Kwari. Na ba da katina aka saka a na'urar POS, na danna lambar sirri, sai takarda ta fito da rubutun DECLINED. Ban bar wurin ba saƙo ya shigo wayata cewa an cire kuɗin cif. Mai shagon ya duba nasa asusun a gabana, babu abin da ya shiga. Kayan kuwa na masu ɗinkin Sallah ne da suka riga suka ba ni kuɗinsu, don haka dole na ranci kuɗi wajen yayana na biya a karo na biyu.

Washegari, 5 ga Maris, na zo reshe na cike fom, aka ba ni lambar ƙorafi 40718, aka ce in jira kwana uku na aiki. Ranar 12 ga wata na dawo, aka ce ana jiran amsar bankin mai POS ɗin, kuma in kawo shaidar cewa kuɗin ba su shiga wajensa ba. Na koma Kwari, bawan Allahn nan ya bar cinikinsa ya ciro mini bayanin asusunsa na ranar 4 da 5 ga wata, na miƙa a tebur ranar 13. Da na kira layin kula da abokan hulɗa ranar 19 ga wata, wadda ta ɗauka ta ce ƙorafin na nan a buɗe, amma ba ta ga wata takarda da aka haɗa da shi ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. In takardar da na miƙa hannu da hannu ba ta kai inda ake dubawa ba, to ba na jin akwai wanda ke aiki a kan ƙorafin a yanzu. Ba na zargin kowa. Ma'aikatan da na tarar sun karɓe ni cikin mutunci, kuma na ga irin cunkoson da suke fama da shi. Sai dai kowa na gaya mini iya abin da ya gani a kwamfutarsa ne, babu wanda ya ce maganar tana hannunsa.

Ka fi ni sanin cewa tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 don warware matsalar cinikin POS da bai tafi ba. Nawa yau kwana 20 ke nan.

Abin da nake roƙo shi ne a mayar mini da Naira 185,000 cikin asusuna kafin ƙarshen aikin ranar Juma'a, 28 ga Maris. In akwai abin da zai hana, a rubuto mini dalilin da ranar da za a biya, a kuma faɗa mini jami'in da zan riƙa tuntuɓa kai tsaye. Sallah ta ƙarato, ina da 'yan mata biyu masu taya ni aiki da zan sallama, ga bashin da na ci.

Na haɗa da kwafin takardar POS, da hoton saƙon cire kuɗin, da fom ɗin ƙorafi mai hatimin reshe, da wani kwafin bayanin asusun mai shagon. Don Allah a buga mini hatimi a kan kwafina na wannan wasiƙa, shaidar an karɓa.

Idan ranar ta wuce ban ji komai ba, zan miƙa ƙorafin ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tunda makonni biyun da ake bai wa banki sun riga sun cika. Na fi son a gama a nan reshenmu, shi ya sa na fara zuwa wajenka. Lambar wayata ita ce wadda ke kan asusun, ana samuna a kowane lokaci.

Na gode, Allah ya taimaka.

Wassalam,
Hadiza
Mai asusu a reshenka