Wasiƙa zuwa ga mai gida da kamfanin inshora kan gobarar kicin ɗinmu

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025
Hotoro, Kano

Zuwa ga Alhaji mai gida, da kuma manajan sashen biyan diyya na kamfanin inshorar da ya yi wa gidan rajista.

Assalamu alaikum. Alhaji ranka ya daɗe, fatan an tashi lafiya, ya iyali ya kuma sanyi. Ni ne Nura ɗan hayarka na fulat ɗin ƙasa ɓangaren gabas. Mun yi magana a waya jiya ka ce in rubuta komai a takarda ɗaya yadda kai da mutanen inshora za ku gani tare, to ga shi, a yi haƙuri da tsawonta.

Abin ya faru ne daren Talata 14 ga wata wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Tun la'asar babu wuta a layinmu, an gama girkin dare wajen takwas da rabi, maiɗakina ta kashe gas ta rufe kan tukunyar kamar yadda ta saba, muka kwanta. Cikin dare aka kawo wuta, kuma ta zo da ƙarfi sosai don fankar ɗakinmu ihu ta riƙa yi kamar za ta tsinko, ƙwan falo ya fashe, shi ya ma tashe ni. Ban fi minti goma da komawa ba na ji ƙaurin roba, ina buɗe ƙofar kicin hayaƙi ya doke ni, na hango wuta tana ci a bangon bayan firiza ta riga ta kama labulen taga tana hawa silin. Na fara fitar da yara da mahaifiyarsu, na zare katawut a jikin mita, sannan ni da maƙwabcina na sama muka janyo tukunyar gas ɗin waje da jiƙaƙƙen bargo, wallahi ko yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Samarin layi suka taimaka da yashi da bokitai har 'yan kwana-kwana suka iso suka ƙarasa kashewa wajen uku saura. Alhamdulillahi babu rai, ni dai na ɗan ƙone a bayan hannun dama, ƙaramar 'yarmu kuma ta kwana tana tari, an duba ta ta samu sauƙi.

Ɓarnar da ta shafi ginin Alhaji:

Silin ɗin roba na kicin ya narke duka ya zubo, katako uku na sama sun ƙone, kwanon rufin ban hau ba amma daga ƙasa ana ganin biyu sun lanƙwashe. Wayarin na kicin ya tafi gaba ɗaya, soket huɗu, makunni biyu da fankar fitar da hayaƙi. Kabad ɗin bango na sama sun ƙone ƙurmus, na ƙasa ruwa ya kumbura su. Gilashin taga ya fashe, firam ɗin alminiyon ya karkace, ƙofar kicin ta ci ta ciki. Tayil ɗin bangon bayan firiza sun tsattsage har filasta ta zubo. Sai fenti, hayaƙi ya baƙanta koridon da rabin falo.

Namu kayan kuwa:

Firiza babba, na saye ta N385,000 a watan Yuli, rasit na nan
Sitabilaiza ɗinta, N48,000
Kukar gas mai kai huɗu
Injin markaɗe da butar lantarki
Buhun shinkafa mai kilo 50 wanda ko kwata ba mu ci ba, rabin buhun masara, wake kwano goma, jarkar man gyaɗa lita 25, katan ɗin taliya
Naman da ke cikin firizar, kusan na dubu sittin
Kayan kicin ɗin maiɗakina, kuloli, tukwane, filet da robobi, yawanci kayan aurenta ne da mahaifiyarta ta tara mata, shi ya fi ƙona mata rai, ita ba ta ma son a yi maganar kuɗinsu

A lissafina namu kaɗai ya kai wajen N1,150,000. Na ginin ban sa kuɗi ba don ba fannina ba ne, sai magini da mai wayarin sun gani.

Yanzu maganar musabbabi, wadda ita ce ta fi damuna, saboda tun jiya ake yaɗawa a layi wai gas ne ya fashe. Ba gas ba ne. Tukunyar mai kilo 12.5 tana tsakar gida yanzu haka lafiyarta ƙalau, kanta a rufe, da sauran gas a ciki, robarta ce kawai zafi ya narkar daga baya. Abin da nake zargi shi ne soket ɗin bayan firiza. Tun watan Nuwamba yake zafi yana ƙara tsit-tsit idan aka jona, har gefensa ya yi ruwan ƙasa, na tura wa ejan hotonsa ta WhatsApp ranar 9 ga Nuwamba na sake tuna masa 20 ga Disamba, ya ce mai gyara na zuwa, har yau shiru. Saƙonnin suna wayata ban goge ba. Duk wanda ya shiga kicin ɗin zai ga baƙin ƙunar ya faro ne daga daidai soket ɗin yana buɗewa sama, wayar da ke ciki ta narke ta dunƙule, ɓangaren kuka kuwa wutar ba ta ci sosai ba. Mai gyaran da na kira ya leƙa bai taɓa komai ba, ya ce wayar da aka ja wa soket ɗin siririya ce irin ta fitila, ba 2.5 da ake sa wa soket ba, kuma idan haɗi ya yi sako-sako yakan yi zafi, sai wuta mai ƙarfi ta zo ta ƙarasa shi. Zargi ne dai, masanin da kamfani zai turo shi ke da ta cewa.

Ni ma ba zan ɓoye nawa ba don gobe ma rana ce. Da na ga soket ɗin na zafi kamata ya yi in cire firizar, amma na ci gaba da jonawa don babu wani kusa, kuma jarkar man gyaɗan nan tana jikin firizar, ita ta ƙara wa wutar ƙarfi, ga hunturu komai a bushe.

Roƙona Alhaji, kada a taɓa komai kafin mai ƙiyasin inshora ya zo, ejan ya ce zai turo yara su kwashe tarkace ranar Asabar na ce a dakata, na kulle kicin ɗin makullin yana hannuna. Na ɗauki hotuna 46 da bidiyo biyu tun asubar Laraba, na kuma nemi rahoton hukumar kashe gobara, da na karɓa zan turo.

Ku kuma mutanen inshora, don Allah ku faɗa mini a rubuce ko inshorar Alhaji ta haɗa da kayan ɗan haya ko gini kaɗai ta rufe, da takardun da kuke buƙata daga wajena, da ranar da mutuminku zai zo, ina gida kullum bayan la'asar.

Sai maganar haya, kuɗina sai ƙarshen Yuni zai ƙare, yanzu kuma iyalina suna gidan yayana a Tarauni don babu wuta babu wajen girki, ina roƙon a duba kwanakin da za mu yi a waje a ɗora mana a gaba. Kuma a sa a duba wayarin na sauran fulat ukun, maƙwabcina na sama ya ce nasa soket ɗin na kicin ma yana zafi.

Na gode, Allah Ya ƙara girma, Ya kiyaye gaba.

Naka,
Nura