Jawabi Kan Wanke Hannu da Rufe Randa a Taron Unguwar Mabera

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam, iyayena da 'yan uwana, sannunku da fitowa. Ba zan tsare ku ba, na ga la'asar ta gabato.

Damina ta kankama. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta ratsa jihar nan ta ɗauke mana mutane, Allah ya jiƙansu. Cutar nan ta baki take shiga, daga bayan gida zuwa hannu, daga hannu zuwa ruwa da abinci.

Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa a cikin gida ruwa yake lalacewa. Ɗan ga-ruwa ya juye jarka a randa, an bar ta buɗe. Ƙuda ya taso daga masai ya sauka a bakinta. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa a ƙasa, ya zurma hannu har gwiwar hannu don ruwan ya yi ƙasa. Idan ka leƙa, ruwan garau yake, amma gidan kaf shi za a sha. Don Allah kowace randa ta samu murfi, ko faifai ne a ɗora masa dutse. Moɗar ɗiba ta zama mai dogon hannu, a rataye ta, kada a sha da ita. A zuba a kofi. Duro da bokiti ma a rufe, don a ruwan da aka bari buɗe sauro ke ƙyanƙyasa. Kafin a zuba sabon ruwa, a wanke randar.

Sai hannu. Wani zai ce ai muna alwala sau biyar. Gaskiya ne, alhamdulillahi, amma bayan tsarki hannu na buƙatar sabulu. A cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, in an fito bayi, in an wanke wa yaro kashi, kafin girki da kafin ci. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla.

Iyayena maza, kwanon nan guda da kowa ke tsoma hannu kafin a ci tuwo, mu bar shi. Na ƙarshe a dauɗar kowa yake wankewa. Yaro ya zuba mana da buta, ruwan ya zube ƙasa.

Wanda gudawa ta kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tafi asibiti yana sha a hanya, kada a jira gari ya waye.

Ranar Asabar, in sha Allah, ni da matan kwamiti za mu shiga gida-gida mu duba randuna. Magidanta, a sanar da iyali. Na gode, Malam a yi mana addu'a.